Yadda ake sa wasiƙun manyan mutane su riƙa zama a saman Gmail

Akwatin imel ba ya sanin babba. Saƙon da ya zo a ƙarshe shi ne a sama, ko da tallar takalmi ce, kuma wasiƙar da ake jira tun makon jiya sai ta nutse ƙarƙashinsa. A shekarar 2010 Google ya fito da Priority Inbox don magance haka: Gmail kan lura da waɗanda mutum ya fi buɗe wasiƙunsu da amsa musu, ya sa musu alama ruwan ɗorawa. Sai dai hasashe ne, kuma hasashe yakan kuskure. Wanda ba ya son kuskuren sai ya rubuta jerin mutanensa da hannunsa.

A ɗauki ɗan kasuwa a Kantin Kwari mai shigo da yadi. Mutum uku ne wasiƙarsu ba ta jira: kamfanin da ke aiko masa da kaya, wakilin da ke fitar masa da kwantena a tashar Apapa, da jami'in bankinsa. Idan wasiƙar wakilin ta kwana biyu ba a gani ba, kuɗin jinkiri ne ke hauhawa a tasha.

Aikin hawa biyu ne, kuma a kwamfuta ake yinsa. Da farko zai shiga `See all settings`, ya zaɓi `Filters and Blocked Addresses`, sannan `Create a new filter`. A gurbin `From` zai jera adireshin mutanen, yana raba su da OR da manyan haruffa:

```
wakili@example.com OR oda@example.net OR jamii@example.org
```

Da ya danna `Create filter`, Gmail zai tambaye shi me za a yi wa irin waɗannan wasiƙu. Zai zaɓi `Star it` da `Always mark it as important`. Akwai kuma zaɓin ƙasa da ke cewa a haɗa da wasiƙun da suka riga suka iso. Idan bai danna shi ba, sai sababbi kaɗai dokar za ta shafa.

A nan ne da yawa suke tsayawa, su ce abin bai yi ba. Tauraro alama ce kawai, ba ya ɗaga wasiƙa ko taki ɗaya. Hawa na biyu shi ne shiga sashen `Inbox`, a sauya `Inbox type` zuwa `Starred first`. Yanzu akwatin ya rabu biyu, masu tauraro a sama, sauran duka a ƙasa. Wannan ya fi `Important first` dacewa da ɗan kasuwar nan, domin alamar muhimmanci Gmail ma yakan raba ta da kansa ga wanda ya ga dama, tauraro kuwa sai mai akwatin ko dokar da ya kafa. Farashin sauyin shi ne rukunonin Primary da Promotions za su ɓace, tallace-tallace su gauraya da sauran wasiƙu a sashen ƙasa.

Gwaji ba wuya: ya roƙi wakilin ya aiko da layi ɗaya. Idan ya zo ba tauraro, kusan kullum laifin adireshi ne, ko harafi ya kuskure, ko mutumin ya rubuto daga imel ɗinsa na kansa maimakon na ofis. Ana iya sa sunan kamfanin gaba ɗaya, kamar `@example.com`, don a kama duk ma'aikatansa. Ga wakilin fito da kaya hakan daidai ne. Ga banki kuwa ɓarna ce, don duk sanarwar cire kuɗi da gaisuwar sallah za su haye sama tare da wasiƙar jami'in.

Zaɓin `Never send it to Spam` yana da jan hankali, amma a yi hattara da shi. 'Yan damfara na iya ƙirƙirar wasiƙa mai ɗauke da adireshin wani, kuma wannan zaɓi zai buɗe mata ƙofa har saman akwati da tauraronta. Tauraro ba shaidar gaskiya ba ne. In wasiƙa ta ce an sauya lambar asusun da za a biya kuɗin kaya, a kira mutumin a lambar wayarsa da aka sani tun da kafin a tura ko kwabo.

Masu amfani da manhajar Mail ta iPhone suna da hanya mafi sauƙi tun 2012: a taɓa sunan mai aiko wasiƙa, a zaɓi `Add to VIP`. Wasiƙunsa za su taru a akwati na daban, kuma ana iya ba su sautin sanarwa nasu.

A Gmail kuwa saura aiki ɗaya na kullum. Tauraro ba ya sauka da kansa bayan an karanta wasiƙa, don haka ɗan kasuwar zai riƙa cire shi da zarar ya amsa ko kwantenar ta fito. In ya bari, cikin wata guda sashen saman zai cika da tsofaffin maganganun da aka riga aka gama.