Ɗigo da Waƙafi a Takardar Kuɗin Kaya ta Italiya

A Italiya, idan mutum ya rubuta 1.250 yana nufin dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin. Ɗigo ne ke raba dubbai a can, waƙafi kuma shi ke raba Yuro da santi, don haka ake rubuta 15.500,00. Ɗan kasuwar Kano da ya saba da tsarin Ingilishi zai iya karanta 1.250 a matsayin ɗaya da kwata, takwaransa na Maraɗi kuwa waƙafin ba zai ba shi mamaki ba, domin a tsarin Faransanci ma haka ake raba kuɗi da canjinsa.

Da a ce kowace takarda ta tsaya a kan tsari ɗaya, da sauƙi. Wahalar tana tasowa ne idan takarda guda ta gauraya tsari biyu ko uku, saboda an kwaso bayananta daga wurare dabam-dabam: manhajar ofis, saƙon kamfanin jigila, da abin da wani ya buga da hannu.

A ɗauki misali. Wani kamfanin tayil a Sassuolo, garin da ya shahara da wannan sana'a, ya sayar wa wani shago a Bologna kaya. A saman takardar an rubuta 03/04/2024. Takardar rakiyar kaya, wadda Italiyawa ke kira DDT, tana ɗauke da "28 mar 24". Ranar biya kuma 05/31/2024, kusa da ita an rubuta "30 gg d.f. f.m.". Layin farko: tayil murabba'in mita 1.250 a kan 12,40 kowanne, jimilla 15.500,00. Layi na biyu: jigila, € 1,200.50. Layi na uku: gam na manna tayil, 350 €.

Ƙwararren akanta ba ya fara da goge alamomi. Yana fara gano ma'anar kowace lamba daga shaidar da ke cikin takardar kanta, sai bayan nan ya sake rubuta ta.

Kwanan wata ya fi ɓatar da mutum, shi ya kamata a tsaya a kansa. 05/31/2024 ba ta da ruɗani, tunda babu wata na 31. Tsarin Amurka ne da ke sa wata a gaba, wato 31 ga Mayu. Amma ganinta yana jefa shakku a kan 03/04/2024: 3 ga Afrilu ce kamar yadda Italiyawa ke rubutawa, ko 4 ga Maris? Shaida biyu suka warware. Kayan sun bar ma'aikata ran 28 ga Maris, kuma takardar da ta ambaci DDT ɗin bayansa ake rubuta ta. Sannan "30 gg d.f. f.m." na nufin kwana 30 daga ranar takarda, a kai biya zuwa ƙarshen watan. Kwana 30 daga 3 ga Afrilu ya faɗa 3 ga Mayu, ƙarshen watan kuma 31 ga Mayu, daidai da abin da aka rubuta. Da 4 ga Maris ce, da ranar biya ta zama 30 ga Afrilu. To, ranakun uku sun fito: 2024-04-03, 2024-03-28 da 2024-05-31, shekara a gaba, sai wata, sai rana, kamar yadda ƙa'idar ISO 8601 ta tsara.

Gajerun sunayen watanni ma suna da tarko: "mag" Mayu ne, "giu" Yuni, "lug" Yuli, "gen" Janairu. Manhajar da aka saita a Ingilishi za ta iya gane "mar", amma ba za ta gane waɗannan ba.

A wajen lambobi akwai ƙa'ida mai amfani: idan ɗigo da waƙafi sun zo tare a lamba ɗaya, na ƙarshe shi ne mai raba santi. Da wannan an san 15.500,00 tsarin Italiya ne, 1,200.50 kuma na Ingilishi. Inda ƙa'idar ba ta aiki shi ne lamba mai alama ɗaya tak da lambobi uku a bayanta, irin 1.250. A nan sai lissafi: 1250 sau 12.40 ya ba da 15500, daidai da jimillar layin. Da ɗaya da kwata ne, da kuɗin bai wuce Yuro 15.50 ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a umarci kwamfuta ta share duk ɗigo, ta mayar da duk waƙafi ɗigo. Layin farko zai fito daidai, amma 1,200.50 za ta koma 1.20050, jigilar Yuro dubu da ɗari biyu ta zama Yuro ɗaya da santi ashirin, kuma babu wata ƙararrawa da za ta kaɗa. Shi ya sa dole a tantance tsarin kowace lamba ita kaɗai, a kuma sake haɗa jimilla a ƙarshe. A misalin nan 15500.00 da 1200.50 da 350.00 sun ba da 17050.50. Harajin IVA na kashi 22 cikin ɗari ya kama 3751.11, jimilla 20801.61. Idan wannan bai yi daidai da abin da ke ƙasan takarda ba, akwai lambar da aka karanta a juye.

Me ya sa Italiyawa suka tsananta haka? Tun 1 ga Janairun 2019 doka ta wajabta wa akasarin 'yan kasuwar ƙasar su fitar da takardar kuɗin kaya ta lantarki, a tsarin FatturaPA, ta bi ta na'urar hukumar haraji Agenzia delle Entrate da ake kira SdI. Wannan na'ura ba ta karɓar waƙafin da Italiyawa suka saba da shi. Ɗigo take so a wurin santi, ba mai raba dubbai, ba alamar €; ana faɗin irin kuɗin sau ɗaya da haruffa uku:

```
<Divisa>EUR</Divisa>
<Data>2024-04-03</Data>
<ImportoTotaleDocumento>20801.61</ImportoTotaleDocumento>
```

Idan aka sa waƙafi a wurin kuɗi, fayil ɗin zai dawo da lambar kuskure 00200, wato bai dace da tsari ba. Takardar da aka ƙi karɓa kamar ba a fitar da ita ba ce, kuma kwana 5 ake da shi a gyara a sake turawa. Amma na'urar siffa da lissafi take dubawa. Idan aka tura 2024-03-04 maimakon 2024-04-03, siffar daidai take, za ta wuce da kwanan watan da ba daidai ba. Wannan ne kuskuren da ya fi tsoratarwa, domin sai an zo bincike yake bayyana.

Masu kwafe takardun zuwa Excel suna da abin lura biyu. Idan an saita kwamfuta a tsarin Amurka, za ta ɗauki 03/04/2024 a matsayin 4 ga Maris, ta bar 28/03/2024 a matsayin rubutu kawai. Alamar hakan ita ce a ga wasu ranaku sun jingina dama, wasu hagu, a shafi ɗaya. Haka nan lambar haraji ta kamfani, Partita IVA, lambobi 11 ce kuma sau da yawa da sifili take farawa. Idan ba a ajiye ta a matsayin rubutu ba, sifilin zai ɓace.

Gyaran yana da iyaka. Mai saye, ko a Bologna yake ko ɗan kasuwar da ke shigo da tayil Najeriya, a littafinsa yake daidaita tsarin, ya ajiye takardar asali yadda ta zo. Idan ya tarar adadin kansa ne ba daidai ba, ko shaidar cikin takarda ta kasa raba gardama, sai ya koma wa mai sayarwa. Takardar da SdI ya riga ya karɓa ba a goge ta. Mai sayarwa ne zai soke kuɗin da wata takarda da ake kira nota di credito, mai lamba TD04, sannan ya fitar da sabuwa da adadin da ya dace.