Ba Kowace Jar Tukunya Ce Ke Kashe Kowace Gobara Ba

A banki, a gidan mai, a otal, har a bayan motar haya, za ka ga jar tukunyar nan ta kashe gobara. Direbobi da yawa sun saye ta ne don kada jami'an kiyaye haɗurra su tare su a hanya, masu shaguna kuma don mai duba gini ya gani ya wuce. Daga nesa duk kamarsu ɗaya, amma abin da ke cikinsu ya sha bamban, kuma wadda za ta kashe wutar katifa cikin ƙiftawar ido ita ce za ta iya kashe mutumin da ya fesa ta a kan wayar lantarki.

Wuta tana rayuwa ne da abu uku: abin da take ci, iskar da take shaƙa, da zafi. Kowace tukunya ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan take ƙwace mata. Shi ya sa masana suka kasa gobara bisa ga abin da ke ci, suka ba kowane kashi harafi. A shi ne busassun kaya irin su katako, takarda, tufafi da katifa. B shi ne mai irin su fetur, kananzir, dizal da fenti. C iskar gas ce, irin ta girki. D ƙarafa ne masu kamawa da wuta, wannan kuwa sha'anin masana'antu ne, mu bar shi a can. F man girki ne. Wutar lantarki ba ta da harafi a wannan tsari, hoton walƙiya ake zana mata. Wannan shi ne tsarin Birtaniya da Turai, wanda aka fi gani a kasuwanninmu. Na Amurka ya ɗan bambanta: a can C na nufin lantarki, man girki kuma K. Don haka idan tukunya ta zo hannunka, ka dubi ƙananan hotunan da ke gefen haruffan ma.

Sai launi. Jikin tukunyar ja ne, amma akwai zane ko tambari mai launi a samanta. Ja zalla ruwa ne. Mai launin madara kumfa ce. Shuɗi hoda ce. Baƙi iskar da ake rubuta wa CO2 ce. Rawaya kuma ruwan magani ne na man girki. Ba kowane kamfani ne ke bin wannan launi sau da ƙafa ba, saboda haka rubutun jikin tukunyar shi ne alƙali.

Mu ɗauki misali da wani ƙaramin gidan abinci irin wanda ke kowace unguwa. Akwai kaskon suya cike da man gyaɗa a kan murhun gas, akwai firji biyu da akwatin mitar wuta a bango, akwai janareta da jarkar fetur a bayan ɗaki, ga kujerun roba da labule. Ɗaki ɗaya ne, amma gobara iri biyar ke kwance a cikinsa.

Kaskon ya fi kowanne haɗari, kuma nan ne hannu ya fi saurin yin kuskure. Ana soya ƙosai ko dankali a zafin da bai wuce digiri 170 zuwa 190 ba. Idan mai tuya ta fita ta bar shi a kan wuta, man zai fara hayaƙi mai kauri mai yaji a ido. Wannan hayaƙin shi ne gargaɗin ƙarshe. Da zafin ya haura digiri 300 da ɗoriya, man zai kama da kansa ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba. Abin da zuciya ke raya wa kowa a lokacin shi ne ya ɗebo ruwa. To ruwa ya fi mai nauyi, don haka yana nutsewa ƙasan kasko, kuma shi a digiri 100 yake tafasa. Nan take zai rikiɗe ya zama tururi, girmansa ya ninka kusan sau 1,700, ya watso man mai ci da wuta sama har rufin ɗaki, da fuskar wanda ya zuba. Kofi ɗaya ya isa ya yi wannan ɓarna. Tukunyar ruwa da ta kumfa duk hukuncinsu ɗaya a nan, domin kumfar ma akasarinta ruwa ce.

To tukunyar hoda fa, wadda ita ce a hannun yawancin mutane? Za ta danne harshen wutar, sai dai ba ta sanyaya man. Man yana nan da zafinsa, da hodar ta lafa sai ya sake kamawa. Ƙarfin fesawarta kuma yana iya fantsamar da man daga kasko zuwa labule. Ta CO2 ma haka take, iskar ta watse, wutar ta dawo.

Mai tambarin rawaya ita aka ƙera domin wannan aiki. Ruwan da ke cikinta yana ɗauke da gishirin sinadarin fotasiyam, kuma a hankali take fesa shi kamar yayyafi ta wani dogon bututu, don mai riƙe da ita ya tsaya nesa. Duk wadda ta taɓa ganin yadda ake haɗa ruwan toka da mai a dafa sabulun salo ta riga ta san sirrin: maganin yana haɗuwa da man mai zafi ya zama kumfar sabulu mai kauri, ta rufe saman kaskon ta toshe iska, ruwan kuma ya sauke zafin. A jikinta za ka ga lamba kamar 75F, ma'ana an gwada ta a kan man da ya kai lita 75. Ana juye ta duka a kan man ko da wutar ta mutu tun farko. A ganina duk mai sana'ar suya da babban kasko, daga otal har mai awara da ke da rumfa, wannan ce tukunyarsa ta farko, ko da yake ta fi sauran tsada da wuyar samu.

Idan babu ita, a kashe murhun, a zura murfin ƙarfe ko faranti ko bargon kashe wuta a rufe kaskon daga gefe, hannu na bayan murfin. A bar shi a rufe aƙalla rabin awa, kada a ɗaga don leƙawa. Kada kuma a ɗauki kaskon a ce za a fita da shi waje, nan ne mutane suka fi ƙonewa. Garin fulawa ba maganin wuta ba ne, shi ma ci yake yi.

Tukunyar gas kuwa, maganinta a makunninta yake. Idan tiyo ya tsage wuta na fita, hoda za ta iya kashe harshen, amma gas ɗin zai ci gaba da tsiyaya. Ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a ƙasan ɗaki yana jiran tartsatsi, kuma fashewar da za ta biyo baya ta fi wutar farko muni. Saboda haka a fara rufe kan tukunyar in ana iya kai hannu. In wuta ta riga ta lulluɓe jikinta, ba sauran jarumta, kowa ya fice ya yi nisa.

Yanzu mu koma bango, wurin mita. Sau da yawa irin wannan gobara tana tashi ne lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi cikin dare, ko an tara firji da hita a soket ɗaya, ko waya ta tsufa. Alamarta warin ƙonewar roba, soket ya yi baƙi ko ya ɗau zafi, da ƙarar tartsatsi. Matakin farko a yanke wutar daga babban makunni, a kashe janareta, in akwai sola a kashe inbata ma, domin mutane kan manta cewa gidan sola yana da wuta ko an ɗauke ta gari. Muddin wuta na bin waya, ruwa da kumfa haramun ne, domin lantarki zai biyo ruwan ya iso hannunka. Da an yanke ta, abin da ya rage yana ci roba ne da katako, wato ya koma kashin A.

Gwanar wannan fage ita ce mai baƙin tambari. Tana korar iskar da wuta ke shaƙa, ba ta ɗaukar lantarki, kuma ba ta barin datti, shi ya sa ake rataye ta kusa da kwamfutoci. Za ka gane ta da faffaɗan bakinta mai kama da ƙaho. Kada ka riƙe ƙahon da hannu sai in an rubuta cewa mai kariya ne, domin abin da ke fitowa sanyinsa yana kai digiri 78 ƙasa da sifiri, yana ƙona fata. Tana da iyaka: a fili iska na kwashe ta, a ƙuntataccen ɗaki tana iya shaƙe mai fesawar, kuma ba ta kashe garwashin katako ko katifa. Mai kilo 2 ba ta wuce daƙiƙa goma ta ƙare. Hoda ma tana aiki a kan lantarki, amma ƙurarta na shiga ko'ina ta ci ƙarfen na'urori, har wanda wutar ba ta taɓa ba.

A wurin janareta da jarkar fetur ne hoda ke nuna bajintarta, ita da kumfa. Fetur yana tasowa saman ruwa, don haka wanda ya watsa masa bokiti ya ba wutar abin hawa ne kawai zuwa ƙofar maƙwabci. Kumfa tana shimfiɗuwa a saman man ta hana tururinsa tashi, hoda kuma tana katse wutar nan take. Bokitin yashi da ake gani a gidajen mai shi ma yana aiki a kan man da ya zube a ƙasa. Kujeru da labule kuwa, ruwa ya ishe su.

Mai wannan gidan abinci ke nan yana bukatar uku: rawaya da bargo kusa da ƙofar kicin, baƙa kusa da mita, da hoda mai kilo 6 mai rubutun ABC a hanyar janareta. Gidan zama zai wadatu da hoda ɗaya da bargo ɗaya. A rataye su a bakin ƙofa, kada a kusa da murhu inda wuta za ta tare hanyar ɗauko su.

Amfani da su ba wuya. Ka zare ƙusar da ke kan hannun, ka tsaya kamar taku uku daga wutar, ƙofar fita na bayanka, ka saita gindin wutar, ka matse, kana kaɗawa dama da hagu. Wanda ya fesa wa harshen wuta a sama ya yi asarar tukunyarsa. Hoda mai kilo 6 kanta kusan daƙiƙa 15 take yi, ka ga ba a yi ta don gobarar da ta kama rufi ba. Idan wuta ta fi tsayinka ko hayaƙi ya cika ɗaki, ka fita ka ja ƙofa. Tun kafin a taɓa tukunya ma, wani ya kira 'yan kwana-kwana, 112 a Najeriya, 18 a Nijar.

Tukunyar da ta shekara biyar a bayan ƙofa ba wanda ya dube ta, ba abin dogaro ba ce. Allurar agogon da ke wuyanta dole ta kasance a kan kore. Hoda tana dunƙulewa, musamman ta mota da ke shan jijjiga, saboda haka a riƙa kifa ta ana girgizawa lokaci-lokaci. Ta CO2 ba ta da agogo, a sikeli ake gane ta, in ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin goma na abin da ke cikinta sai a sake cika ta. Wadda aka taɓa fesawa ko sau ɗaya ita ma a kai ta ciko, kuma kowace shekara masani ya duba su. Mai karatu, yau ka je ka karanta haruffan da ke jikin taka, ka nuna wa wadda ke tsayawa a gaban murhu, domin ita ce za ta fara ganin wutar.