Abin da Fatalwowin Pac-Man Ke Tunani

A wasan Pac-Man na 1980, kowace fatalwa tana cikin hali ɗaya ne a lokaci guda: farauta, watsewa zuwa kusurwarta, tsoro, ko komawa gida bayan an cinye ta. Kowane hali da abin da ke sauya shi. Da ɗan wasa ya haɗiye babbar ƙwaya, sai su koma shuɗaye, su rage gudu, kowa ya ga tsoro ya kama su.

Wannan tsari yana burge ni wajen gyara. In fatalwa ta maƙale tana shuɗiya, mai rubuta wasan ba zai yi ta lalube ba. Halin tsoro kaɗai zai buɗe, ya duba agogon da ke ƙirga ƙarewarsa, domin can ne ƙofar fita take.