Idan an biya ki, ki faɗa tun a layin farko

Yau hirarmu a kan kafshan ce, wato rubutun da ake sawa a ƙarƙashin hoto ko bidiyo, musamman idan kamfanin man shafawa ne ya biya ki ki tallata masa kaya.

A ce wani kamfani ya aiko miki da mai da sabulu, ya haɗa da naira dubu 50. Kin yi kwana 10 kina shafawa, sai kika rubuta: "Wallahi man nan ya canza min rayuwa, ku garzaya!" Can ƙasa, bayan tarin hashtag, kika cusa #ad. To 'yar'uwa, kin faɗa ne amma ba ki faɗa ba. Instagram yana yanke kafshan bayan layi ɗaya ko biyu, sai an danna "more" ake ganin sauran. Mutum nawa ne ke dannawa? Yarinyar da ta tsaya a layin farko ta tafi da cewa shawarar ƙawa ce kika ba ta.

Ga yadda ya kamata ya fito: "Talla ce. Kamfanin nan ya biya ni, man ma kyauta ya ba ni. Kwana 10 ke nan ina shafawa. Yana shiga jiki da wuri, ba ya maiƙo, amma ban ga canji a tabon fuskata ba tukuna."

Kalmar talla ita ce a gaba, kuma da Hausa, tunda da Hausa kike yi wa mabiyanki magana. Sannan ki kunna alamar "Paid partnership", ta fito a ƙarƙashin sunanki. Irin su #collab ko "godiya ga kamfani kaza" ba sa nuna cewa kuɗi ya shiga tsakani. Kuma ko sisi ba a ba ki ba, in dai kayan kyauta ne, ko kina da kamasho a kan duk wadda ta saya da lambar rangwamenki, shi ma sai kin faɗa.

Ni abin da ya fi damuna shi ne maganar kwanakin. Atamfa in ta zuba, asarar kuɗi ce kawai, amma fuska fa? Fata kan ɗauki kusan wata guda kafin ta sabunta kanta, don haka kwana 10 bai isa ki rantse cewa mai yana goge tabo ba. Wanda ma ya haska mutum a sati ɗaya abin tsoro ne, don irinsa ne ake samu da sinadarin da ke sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito. Shi ya sa kafin ki karɓi kuɗin, ki duba lambar NAFDAC a jikin kwalbar. Hoton "kafin da bayan" kuwa, ki cire filta, ki ɗauka a haske iri ɗaya.

In kamfanin ya ce ki cire kalmar talla don kar ciniki ya ragu, ki mayar masa da kuɗinsa. Ranar da fuskar wata ta ɓaci, ba kamfanin za ta nema ba, shafinki za ta zo.