Wasiƙar Neman Aiki: Aikatau Ya Fi Sifa

Bayan na kammala digiri, na nemi aikin ƙaramin jami'i a cibiyar tsaron kwamfutoci, wato inda ake sa ido dare da rana kan masu kutse. Ban taɓa aiki ko'ina ba, iyakacina gwaji a gida.

Wasiƙata ta farko cike take da sifofi: haziƙi, mai ƙwazo. Shiru kake ji. A ta biyu sai na koma ga aikatau, na rubuta:

"Ban yi aiki a kamfani ba tukuna. A gida na girka Wazuh, na haɗa shi da Windows, na kai wa kaina harin cankar kalmar sirri. Na ga lamba 4625, alamar shiga ta faskara, tana maimaituwa, sannan 4624, alamar an shiga. Na rubuta rahoto, na ce a rufe asusun."

Ka lura, na kira gwaji da sunansa. Wanda ya mai da shi aikin kamfani, tambaya ɗaya a ganawa za ta tona shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.