Me ya sa mage ke ajiye mataccen ɓera ko ƙadangare a bakin ƙofa?

A unguwannin birnin Sakkwato irin su Mabera da Runjin Sambo da Arkilla, gidaje da dama na ajiye mage saboda ɓeraye da ke ɓarna a ɗakin ajiyar hatsi. Sakkwatawa na ce wa mage mussa, su ce wa ɓera kusu. Sai dai wannan maganin ɓera yakan zo da wata ɗabi'a da ke ɗaure wa mutane kai: a wayi gari a tarar da gawar ɓera ko ƙadangare a bakin ƙofar ɗaki, ko kusa da tabarmar da aka kwana a kai a tsakar gida lokacin zafi.

Wasu na ɗaukar abin a matsayin kyauta daga mage. Wasu kuma hankalinsu kan tashi, su fara zargin sammu, har maganar ta kai ga kishiya ko maƙwabci. Binciken masana halayyar dabbobi ya nuna cewa bayanin ya fi haka sauƙi, kuma haɗarin da ke cikin lamarin na lafiya ne.

Farauta dabam, yunwa dabam

Tambayar farko da mai gida ke yi ita ce: tunda ana ba ta abinci, me ya kai ta farauta?

Magen gida ta samo asali ne daga magen daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ke farauta ita kaɗai, kuma ƙananan dabbobi take kamawa. Ɓera ɗaya ba ya ƙosar da ita. Idan da ɓeraye kawai za ta rayu, tana buƙatar kamar takwas zuwa goma a rana, kuma sau da yawa idan ta kai farmaki takan rasa. Dabbar da ke rayuwa a haka, idan ta ce sai ta ji yunwa za ta fara nema, za ta galabaita kafin ta samu. Shi ya sa motsi da ƙaramar ƙara kaɗai sun isa su tayar mata da farauta, ko cikinta a cike yake.

Wani masani mai suna Robert Adamec ya gwada wannan a 1976. Ya sa wa maguna abincin da suke so, suna cikin ci sai aka saki ɓera. Magunan sun bar abincin, suka kashe ɓeran, suka jawo shi kusa da kwano, sannan suka ci gaba da cin abincinsu. Kisan ya auku, amma cin naman bai biyo baya ba. Wannan shi ne rabin amsar: gawar da aka gani a ƙofa sau da yawa abin da mage ta kama ne ba tare da tana buƙatar cinsa a lokacin ba.

Me ya sa sai bakin ƙofa?

Wurin da mage ta yi kamu ba lallai ne ya zama wurin da za ta ci cikin natsuwa ba. A lungu ko a kan juji akwai muzurun maƙwabta, akwai kare, akwai shirwa da hankaka. Don haka takan ɗauki abin a baki ta nufi inda ta fi amincewa da shi, wato inda take kwana, inda ake ba ta abinci, inda warin jikinta da na mutanen gidan yake. Idan ta iso ta tarar da ƙofa a rufe, nan tafiyar ta ƙare. Idan kuma ta ji ƙamshin abin da ya fi ɓeran daɗi, sai ta yar da shi ta manta.

Akwai bayani na biyu, wanda ya shafi uwa da 'ya'yanta. Masanin nan ɗan ƙasar Jamus, Paul Leyhausen, wanda ya shafe shekaru yana nazarin maguna, ya bayyana yadda uwa ke horar da 'ya'yanta. Idan sun kai kamar mako huɗu, takan fara kawo musu matacciyar dabba. Daga baya sai ta riƙa kawo mai sauran rai, ta sake ta a gabansu don su koyi kamu. Daga nan ne aka samo ra'ayin cewa mage na kallon mai ita kamar ɗan da bai iya farauta ba. Amma muzurai ma suna kawo gawa gida, alhali ba su ne ke renon 'ya'ya ba. Saboda haka masana da dama sun fi karkata ga bayanin neman wuri mai aminci, sai dai idan magen na shayarwa.

Abin da ake gani kaɗan ne

A birnin Athens na jihar Georgia a Amurka, masu bincike sun rataya wa maguna 55 ƙananan kyamarori a wuya, aka wallafa sakamakon a 2013. Cikin dabbobin da magunan suka kama, kashi 23 cikin ɗari kawai suka kawo gida. Sun ci kashi 28, suka bar kashi 49 a inda suka kashe su. Dangin ƙadangare ne suka fi yawa a abin da aka kama. Irin wannan bincike da aka wallafa a 2020 daga birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya gano cewa fiye da kashi 80 na abin da maguna suka kama bai iso gida ba.

Ma'ana, ɓera ɗaya a bakin ƙofa na iya nufin an kashe wasu da dama da ba wanda ya gani. Kuma magen da ba ta taɓa kawo komai ba, ba shi ke nuna ba ta aiki ba.

Yadda za a gane aikin mage ne

A ɗauki misalin gidan da ke da buhunan gero da shinkafa a ɗaki, da mage guda mai kwana a zaure. A mako ɗaya na hunturu an tarar da gawa uku.

Ta farko ɓera ce, da asuba. Lokacin ya dace, domin mage ta fi farauta da magariba da kuma gab da wayewar gari, lokacin da ɓeraye ke yawo. Idan aka duba ƙeyarsa da tsinke, za a ga ƙananan huda da gashi a jiƙe da yawu. A ƙeya mage ke cizon kisa. Idan ta fara ci, daga kai take somawa, kuma takan bar wani ɓangare na kayan ciki.

Ta biyu ƙadangare ne, da hantsi. Shi ma ya dace: jinin ƙadangare na bin yanayi, don haka da sanyin safiya jikinsa a mace yake har sai ya sha rana a jikin katanga. Lokacin ne ya fi sauƙin kamu.

Ta uku jaɓa ce, ba a taɓa ko'ina a jikinta ba. Mage na kashe jaɓa saboda tana gudu kamar ɓera, amma da wuya ta ci, saboda warin da ke fita daga jikinta.

Duk ukun aikin mage ne. Abin da ya kamata ya tayar da hankali shi ne ɓeran da babu alamar cizo a jikinsa, ko wanda jini ke fita daga hancinsa, ko a ga ɓeraye suna tangaɗi da rana tsaka. Wannan na iya nuna cewa wani a kusa ya zuba maganin ɓera.

Inda haɗarin yake

Ɓeran da ya ci guba ba ya iya gudu sosai, don haka shi mage ta fi saurin kamawa. Yawancin magungunan ɓera na hana jini daskarewa ne, kuma alamunsu kan ɗauki kwana uku zuwa biyar kafin su bayyana: kasala, dasashi ya yi fari, numfashi da ƙyar, ko jini a kashi. Maganinsa bitamin K1 ne a hannun likitan dabbobi, kuma a Sakkwato akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kada a ba mage farasitamol, domin guba ne gare ta, ko ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Ga mutane kuwa, babbar damuwa ita ce zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da ƙwayar cutar a fitsarinsa da kashinsa, kuma a Najeriya cutar ta fi tashi da rani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ajiye mage cikin hanyoyin rage ɓeraye a gida, amma gawar da ta kawo ba abin taɓawa da hannu ba ce. Ƙadangare kuma kan ɗauki ƙwayar salmonela mai haddasa gudawa, ga shi yara masu rarrafe komai suka gani baki suke kai wa.

Mage da ke cin ɓera na iya samun tsutsar ciki, da kuma wata ƙwayar cuta da ke fita a kashinta, wadda ke iya cutar da ɗan tayi. Don haka mai juna biyu ta bar wa wani kwashe gawar da kuma kashin mage.

Wajen kwashewa, a haɗa bilic kashi ɗaya da ruwa kashi tara, a jiƙa gawar da wurin, a bari minti biyar. A sa hannu cikin leda a ɗauka, a juye ledar a ƙulle, a saka cikin wata, a binne da zurfi ko a ƙone. Kada a share wurin a bushe, domin tsintsiya na tayar da ƙura. Sannan a wanke hannu da sabulu.

Za a iya rage ɗabi'ar?

Duka ko tsawa ba sa aiki, domin mage ba ta haɗa hukuncin da kamun da ta yi tun da asuba. Abin da za ta koya kawai shi ne tsoron mai gidan.

Masu bincike a Jami'ar Exeter ta Birtaniya sun gwada hanyoyi da dama a kan maguna 355, suka wallafa sakamakon a 2021. Magunan da aka ba abinci mai nama sosai ba tare da hatsi ba sun rage kawo dabbobi gida da kashi 36 cikin ɗari. Waɗanda aka riƙa yi wa wasa na minti biyar zuwa goma kullum, da abin da za su bi su cafke, sun rage da kashi 25. Ƙararrawar wuya ba ta nuna wani tasiri a wannan gwajin ba.

Wannan na da ma'ana a gidajen da sauran tuwo kawai ake zuba wa mage, domin jikinta nama yake buƙata. Ɗan dafaffen kifi marar ƙaya, ko ƙwai, ko guntun nama marar albasa da yaji zai taimaka, haka ma tsumma da aka ɗaura a zare yara su riƙa ja mata.

Sai dai wanda ya ajiye mage don ɓera ba ya son ta daina farauta gaba ɗaya. Shi abin da ya fi masa shi ne ya bar ta ta yi aikinta da dare a ɗakin hatsi, ya ciyar da ita da safe ya tsare ta a ɗaki har rana ta ɗaga, don ƙadangaru masu cin kwari su tsira. Ya kuma zaɓi ɗaya tsakanin mage da guba, domin ba a haɗa su a gida guda. Idan kuma gawar ɓeraye ta yawaita a bakin ƙofa, to lokaci ya yi da za a duba buhunan hatsi da ramukan da ke gindin bango.