Shaguna Uku, Lissafi Ɗaya: Yadda Ake Haɗa Takardun Google Sheets Wuri Guda

Duk ɗan kasuwar da ke da shago fiye da ɗaya ya san aikin yamma: a kira yaron shagon nan, a jira saƙon na can, a kwafi lambobi daga wannan takarda zuwa waccan, sannan a tara. Da yawa sun riga sun bar littafi sun koma Google Sheets, takardar lissafin da ke zaune a intanet, wadda ake buɗewa a waya ko a kwamfuta. Sai dai kowane shago da nasa fayil, don haka kwafe-kwafen bai ƙare ba. Akwai fomuloli biyu da ke ɗauke wannan aiki. IMPORTRANGE tana ɗebo bayanai daga wani fayil, ita kuma QUERY tana tace su ta tara su. Rubuta su ba ya cin minti goma. Abin da ke buƙatar natsuwa shi ne tabbatar da cewa jimillar da suka bayar gaskiya ce, domin sukan yi kuskure ba tare da sun faɗa ba.

Mu ɗauka wata 'yar kasuwa tana sayar da kayan masarufi a Kano da Zariya da Katsina. Kafin ta taɓa kowace fomula, sai ta daidaita fayilolin uku su zama tsari ɗaya. A kowanne akwai shafi mai suna Ciniki, da ginshiƙai biyar a jere iri ɗaya: A rana, B sunan shago, C kaya, D adadi, E kuɗi. Layin farko na kanun ginshiƙai ne, ciniki yana farawa daga layi na biyu. Wannan daidaito shi ne tushen komai. Idan mai kula da shagon Zariya ya sa kuɗi a D, adadi a E, fomula ba za ta lura ba, za ta tara naira a kan buhuna ta miƙo amsa.

Daga nan sai ta buɗe fayil na huɗu, nata ita kaɗai. A ciki ta yi shafi mai suna Adireshi, ta manna adireshin fayil ɗin Kano a gurbin B1, na Zariya a B2, na Katsina a B3. Amfanin haka shi ne fomulolin za su gajarta, kuma ranar da aka sauya fayil ɗin wani shago, gurbi ɗaya kawai za a gyara. Sai ta gwada ɗebo na Kano:

```
=IMPORTRANGE(Adireshi!B1, "Ciniki!A2:E")
```

Fomular tana son abu biyu: inda fayil yake, da kuma yankin da za a ɗebo, wanda ake sawa tsakanin alamomin zance. An rubuta A2:E ba tare da lambar layin ƙarshe ba don duk cinikin da aka ƙara gobe ya shigo da kansa.

A karon farko bayanai ba za su fito ba. Gurbin zai nuna #REF!, kuma idan aka kai linzami kansa za a ga maɓalli mai rubutun Allow access. Dannawa ɗaya ke haɗa fayilolin biyu, da sharaɗin mai dannawar yana da izinin buɗe fayil ɗin da ake ɗebowa. A nan mutane da yawa ke makalewa, saboda sukan cusa IMPORTRANGE uku a cikin doguwar fomula tun farko, maɓallin kuwa ba lallai ya bayyana a haka ba. Hanya mai sauƙi ita ce a rubuta kowace ita kaɗai, a ba ta izini, a ga bayananta sun fito, sannan a goge a wuce ta gaba. Wannan mataki ya fi sauƙi a kwamfuta fiye da a manhajar waya. Izinin yana nan daram har sai an cire wanda ya bayar da shi daga fayil ɗin shagon, shi ya sa ya fi kyau mai dukiya ta ba da shi da asusunta, maimakon ma'aikacin da zai iya barin aiki.

Da an haɗa ukun, sai a jera su ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Baka mai lanƙwasa ce ke yin wannan, da waƙafi mai ɗigo a tsakani. Amma akwai abin da ke ruɗa sabon shiga. Sabon shafi yana zuwa da layi 1000, kuma A2:E tana kwaso har da layukan da babu komai. Sai mutum ya ga cinikin Kano a sama, ya ga fili, ya ɗauka na Zariya bai zo ba, alhali yana can ƙasa wajen layi na dubu. QUERY ce ke share wannan fili. A shafi mai suna Tari, gurbin A2:

```
=QUERY({IMPORTRANGE(Adireshi!B1,"Ciniki!A2:E");
IMPORTRANGE(Adireshi!B2,"Ciniki!A2:E");
IMPORTRANGE(Adireshi!B3,"Ciniki!A2:E")},
"select * where Col3 is not null and Col3 <> ''", 0)
```

Umarnin da ke cikin alamomin zance yana cewa a kawo dukkan ginshiƙai, amma layukan da aka rubuta sunan kaya kaɗai. Bayanan da ke cikin baka ba su da sauran haruffan A da B, don haka ana kiran ginshiƙansu Col1, Col2, har zuwa Col5, da babban C, ba tare da tazara ba. Sifilin ƙarshe yana gaya wa fomula cewa babu layin kanu, kada ta ɗauki cinikin farko ta mai da shi kanu. Masu karatu a Nijar da wasu sassan Kamaru da Chadi su lura: idan an saita fayil da tsarin Faransanci, inda waƙafi ke raba lamba da gutsurenta, to waƙafi mai ɗigo ne ke raba sassan fomula a madadin waƙafi.

Yanzu cinikin shaguna uku yana shafi ɗaya. Taƙaitawar sai ta koma wani shafi daban, ta karanta daga Tari:

```
=QUERY(Tari!A2:E, "select C, sum(D), sum(E)
where C <> '' group by C order by sum(E) desc
label C 'Kaya', sum(D) 'Adadi', sum(E) 'Kuɗi'", 0)
```

A nan haruffa sun dawo, tunda yankin da ake karantawa yana cikin fayil ɗin. group by ce ke haɗa kaya iri ɗaya a layi guda, order by ta sa mai kuɗi mafi yawa a sama. Idan a ranar Kano ta sayar da buhun shinkafa 10 a kan naira 700,000, Zariya 6 a kan 420,000, Katsina 4 a kan 280,000, layin shinkafa zai nuna buhu 20 da naira 1,400,000. In ana son a ga kowane shago daban, sai a sa B a wurin C. Raba aikin gida biyu yana da dalili: an ɗebo bayanai sau ɗaya, kuma taƙaitawa ko guda nawa ce za ta karanta daga nan, fayil bai yi nauyi ba.

Kurakurai iri biyu ne, masu ihu da masu shiru. Masu ihu ba su da wuyar sha'ani. Idan fayil ɗaya ya kasa zuwa, ko an sauya sunan shafin Ciniki, ko wani yanki yana da ginshiƙai huɗu maimakon biyar, jerin gaba ɗaya yana rushewa da #VALUE!, sai a gwada kowace IMPORTRANGE ita kaɗai har a gano mai laifin. Idan kuma wani ya yi rubutu a gurbin da sakamako zai sauka, #REF! ce ke fitowa, kuma goge rubutun ya wadatar.

Masu shirun ne ke cin dukiya. QUERY tana ɗaukar kowane ginshiƙi a matsayin iri ɗaya, ko lamba ko rubutu ko kwanan wata, gwargwadon abin da ya fi yawa a cikinsa. Abin da ya saɓa wa rinjaye sai ta ɗauke shi kamar babu. A ce yaron shagon Katsina ya rubuta N280,000, da harafi a gaba. Wannan ya zama rubutu. Layin zai shigo Tari, buhunsa 4 za su shiga lissafi, amma gurbin kuɗinsa zai zo wayam. Taƙaitawa za ta nuna buhu 20 da naira 1,120,000, babu jan rubutu, babu gargaɗi. Mai lura za ta raba ta ga buhu ya faɗo 56,000 maimakon 70,000. Wadda ba ta lura ba tana iya zargin yaro da abin da bai ci ba. Gwaji ɗaya yana kama wannan:

```
=COUNTA(Tari!C2:C) - COUNT(Tari!E2:E)
```

Yana cire yawan layukan da ke da kuɗi na lamba daga yawan layukan da ke da sunan kaya. In amsa sifili ce, lafiya lau. In 1 ce, akwai layi ɗaya da kuɗinsa ya ɓace. A ajiye shi a saman taƙaitawa inda ido zai fara sauka.

Na biyu shi ne sunaye. A wurin QUERY, Shinkafa da shinkafa kaya biyu ne, haka ma Shinkafa da aka bar wa tazara a ƙarshe. Sai a ga layi biyu ko uku na abu ɗaya, kowanne da guntun jimilla. Maganin duka matsalolin biyu yana can fayilolin shaguna. A menu na Data akwai Data validation, wanda ke sa ginshiƙin kaya ya zama jerin zaɓi, ginshiƙin kuɗi kuma ya ƙi karɓar komai sai lamba.

Sabuntawar ma tana da iyaka. Abin da aka rubuta a shago yakan ɗan jinkirta kafin ya iso, kuma jinkirin yana ƙaruwa idan fayil yana ɗebowa daga wani wanda shi ma ɗebowa yake yi. Cinikin da aka shigar a waya lokacin da babu sabis ba zai bayyana ba sai wayar ta hau intanet. Kowace ɗiba ɗaya ba ta wuce megabait 10, don haka idan ciniki ya taru shekara da shekaru gara a buɗe sabon fayil kowace shekara. Hanyar kuma ɗaya ce: gyara ana yin sa a fayil ɗin shago, daga can yake gangarowa.

Saura maganar sirri. Da zarar an haɗa fayiloli, duk wanda ke da izinin gyara fayil ɗin taƙaitawa zai iya rubuta tasa IMPORTRANGE ya ɗebo kowane shafi daga fayilolin shagunan, har da na albashi ko na masu bashi, ko da ba a taɓa ba shi su ba. Don haka akanta ko abokin hulɗa a ba shi izinin kallo kawai, abin da ba a son a gani kuma a raba shi da fayil ɗin ciniki.

Mai son gwadawa ya fara da fayil biyu da layi biyar-biyar da ya san jimillarsu da ka. Ya ɓata layi ɗaya da gangan, ya ga yadda jimilla ke raguwa da yadda gwajin nan ke kama ta. Sai fomula ta ci wannan jarrabawa sannan a ɗora mata kuɗin gaske.